Annobar Awaki da Tumaki: Allurar Tana da Kyau, Me Ya Hana Cutar Ƙarewa?

A 1975 masu bincike suka ɗauko ƙwayar cutar daga jikin wata akuya a Nijeriya. Bayan shekaru, Adama Diallo da abokan aikinsa suka yi ta rainon ƙwayar a ɗakin bincike, suna sauya mata mazauni har ta rasa ƙarfin sa ciwo, amma ta ci gaba da iya koya wa jikin dabba yadda zai kare kansa. A 1989 aka bayyana sakamakon, kuma har yau mafi yawan allurar rigakafin da ake yi wa awaki da tumaki a Afirka daga wannan iri take. Shi ya sa za ka ga an rubuta Nigeria 75/1 a jikin kwalbar. Allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku, wanda a wurin yawancin awakinmu shi ne iyakar rayuwarsu. Duk da haka cutar, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, tana nan tana share turaku daga Sakkwato zuwa Diffa. Abin da wannan sharhi ke son fahimta shi ne inda gizo ke saƙar.

An fara bayanin cutar a rubuce a 1942 a ƙasar Kwaddibuwa, inda wasu likitocin dabbobi Faransawa biyu, Gargadennec da Lalanne, suka ga wani ciwo mai kama da bushiya yana kashe awaki da tumaki amma yana barin shanu. Kamar da suka gani ba ta banza ba ce. Ƙwayar PPR 'yar gida ɗaya ce da ta bushiyar shanu da ta ƙyandar yara, kuma halinsu ɗaya: suna shiga ta numfashi, suna bazuwa da sauri, suna raunana garkuwar jiki, kuma wanda ya tashi daga ciwon ba ya sake kamuwa. Ba ta kama mutum. Shanu kan ɗauki ƙwayar ba tare da sun nuna ciwo ba, kuma ba a ɗauke su a matsayin masu yaɗa ta ba. Akuya ce ta fi shan wuya, tunkiya na biye, ko da yake akan sami ɓarkewar da tumaki ma suke zuba. Gajerun awakin kudu sun fi jar akuyar Sakkwato da Maraɗi saurin faɗuwa, amma kada mai jar akuya ya ɗauki wannan a matsayin kariya.

Yadda take shiga gida

Hanya mafi sauƙi ta gane cutar ita ce a bi ta kwana-kwana a cikin gida ɗaya. A ɗauka wata mata tana da awaki tara, biyu daga ciki 'yan wata biyar ne, ɗaya kuma tana da ciki. Ta tara kuɗin adashi ta aika aka sayo mata ta goma a kasuwar ranar Alhamis. Akuyar ta zo da kyan gani, tana ci, tana tuƙa, aka ɗaure ta a turke ɗaya da sauran, suna shan ruwan dusa a kwano ɗaya.

Kwana huɗu zuwa shida ba a ga komai ba. Wannan shi ne lokacin da ƙwayar ke hayayyafa a ɓoye, kuma yana iya gajarta zuwa kwana uku ko ya kai goma. Abin da ya fi muni shi ne dabbar takan fara fitar da ƙwayar kwana ɗaya ko biyu kafin ido ya ga alamar ciwo. Saboda haka dillalin da ya rantse cewa lafiyarta ƙalau lokacin da ya sayar, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, kuma mai gidan da ta ce za ta ware ta idan ta ga alama ta riga ta makara.

Alamar farko zazzaɓi ne. Baƙuwar akuyar ta tsaya gefe guda, kai a sunkuye, gashi a tashe, hanci a bushe, ta ƙi abinci. Da za a sa mata ma'aunin zafi a dubura za a ga digiri 40 zuwa 41 ko sama da haka, alhali lafiyayyar akuya tana wajen 39. Daga nan sai ruwa ya fara zuba daga ido da hanci, fari tas da farko. Cikin kwana biyu ko uku ya yi kauri ya koma ruwan ɗorawa, kwantsa ta manne fatar ido, majina ta bushe ta toshe ƙofofin hanci har dabbar ta koma numfashi da baki tana atishawa. A wannan matakin ne mutane ke cewa mura ce, iskar hunturu ce ta buge ta.

Wanda ya san cutar, bakin zai buɗe. A dasashi, da cikin leɓe, da gefen kumatu, da kan harshe, za a ga ƙananan ɗigo-ɗigo masu launin toka inda fatar ta mutu. Suna haɗewa su zama wani abu kamar an barbaɗa dusa, idan aka shafa da yatsa ya fita ya bar jan gyambo a ƙasa. Bakin yana wari sosai. Dabbar tana son ci amma zafi ya hana ta, sai ta ɗauki ciyawa ta saki.

Kwana biyu ko uku bayan fara zazzaɓin zawo ke zuwa, mai ruwa, mai wari, wani lokaci da jini-jini, ya ɓata cinyoyi da wutsiya. Yawanci a daidai nan zafin jikin ke sauka, kuma mai dabba na iya ɗauka sauƙi ne ya samu. Ba sauƙi ba ne, ruwan jiki ne ke ƙarewa: ido ya faɗa, fata idan aka ja ta ba ta komawa da wuri. Sai tari da numfashi sama-sama, domin huhu ya kamu, kuma ƙwayoyin bakteriya da suka sami jiki babu tsaro sun shigo sun ƙara nasu. Wadda za ta mutu takan mutu tsakanin kwana biyar zuwa goma daga fara zazzaɓin.

Lokacin da baƙuwar ke wannan hali, wajen kwana goma zuwa sha biyu da sayo ta, awakin gidan sun fara nasu zazzaɓin, kusan a tare. 'Yan wata biyar ɗin su ne za su fara tafiya, wani lokaci tun kafin zawon ya bayyana sosai. Mai cikin na iya yin ɓari. Wata tsohuwar akuya kuwa tana tsaye a tsakiyarsu tana tuƙa, ko atishawa ba ta yi ba, domin ta taɓa yin ciwon shekarun baya ta tashi. A garken da bai taɓa haɗuwa da cutar ba, tana iya kama tara cikin goma, ta kashe rabi ko fiye. A inda ta saba zagayowa kuwa mace-macen ba su kai haka ba, sun fi tsayawa kan ƙanana, kuma wannan ne ke sa a raina ta: ana ganin 'yan awaki suna mutuwa duk shekara har abin ya zama kamar al'adar kiwo.

Da safe awakin nan ana sakin su su bi na maƙwabta, ko yaron unguwa ya haɗa su ya kai su kiwo. Kafin matar ta gane abin da ke faruwa, cutar ta tsallaka katanga.

Ba kowane zawo ba ne, ba kowane tari ba ne

Babu wata alama guda da ta keɓanta da PPR. Haɗuwarsu ce shaida: zazzaɓi, kwantsa da majina, gyambon baki, zawo, tari, a dabbobi da yawa lokaci ɗaya, kuma galibi bayan shigowar baƙuwar dabba. Zawon farkon damina da tsutsar ciki ko ɗanyar ciyawa ke kawowa ba ya zuwa da gyambon baki da majina mai kauri. Ciwon huhun awaki mai yaɗuwa yana kawo tari da wahalar numfashi, amma ba shi da gyambon baki, zawo ba alamarsa ba ce, kuma ya fi tsayawa kan awaki ya bar tumakin da ke tare da su. Akwai ciwon ƙurajen leɓe da ke sa ɓawo mai kauri a wajen baki, musamman ga masu shan nono, amma dabbar takan ci gaba da walwala, ba zawo. Boru kuwa yana sa ɗingishi, kuma za a gan shi a shanun gidan. Idan shanu suna lafiya, awaki da tumaki kaɗai ke faɗuwa da waɗancan alamu, zargi ya koma kan PPR.

Mahauta suna da tasu shaidar idan sun lura. A cikin babban hanji, can kusa da ƙarshe, akan ga jajayen layuka a jere a tsaye, gaban huhu kuma ya yi ja ya yi tauri. Tabbaci na ƙarshe sai a ɗakin gwaji, daga kwantsa ko majinar da aka shafo da auduga daga dabbar da ke cikin zazzaɓi. Akwai ma ɗan abin gwaji na tafi-da-gidanka da ke ba da amsa a wurin cikin mintuna. Samfurin dabbar da ta fara ciwo ya fi na wadda ta kwana biyu da mutuwa amfani nesa ba kusa ba, don haka kiran malamin dabbobi a ranar farko ya fi kiransa ranar da aka gama asara. Cuta ce da doka ta ce a sanar da hukuma idan an gan ta.

Maganin da ke kashe ƙwayar kanta babu shi. Abin da ake yi shi ne a taimaki dabbar ta tsallake kwanakin. Allurar oksitetrasaikilin mai dogon aiki, wadda aka saba yi mililita ɗaya ga kowane kilo goma na nauyin dabba idan mai ƙarfin kashi 20 ce, tana rage ɓarnar bakteriya a huhu. Ruwan gishiri da sukari a baki, kaɗan-kaɗan sau da yawa, yana mayar da abin da zawo ya kwashe. A goge ido da hanci da ruwan ɗumi, a ba da abinci mai laushi kamar kunun dusa, a sa ta a inuwa inda iska ba ta bugawa. Wannan yana ceton wasu. Amma yana da kyau a faɗi gaskiya: mai shagon magani da ya ce yana da allurar da ke warkar da cutar, allurar bakteriya yake sayarwa, kuma naman dabbar da aka yi wa ita bai kamata a ci ba sai kwanakin da aka rubuta a kwalbar sun cika.

Ƙwaya mai rauni, hanya mai faɗi

Abin mamaki game da wannan ƙwaya shi ne rashin ƙarfinta a wajen jiki. Rana da zafi da bushewa suna kashe ta cikin ɗan lokaci. Ba ta zama a ƙasa shekara da shekaru, sauro ko kaska ba sa ɗaukarta, kuma dabbar da ta warke ba ta riƙe ta a jiki ta ci gaba da rabawa. Don ta rayu dole ne kullum ta sami sabuwar dabba marar kariya a kusa, hanci da hanci, cikin 'yan kwanakin da mai ciwon ke fitar da ita a majina, hawaye, yawu da kashi. Kwanon sha da na abinci suna taimaka mata, amma na ɗan lokaci.

Mu ne muke yi mata sauran aikin. Kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari, Mai'aduwa da Illela suna tara dabbobi daga garuruwa masu nisa su tsaya jiki da jiki yini guda. Wadda ba a saya ba a mayar da ita gida, ko a wuce da ita kasuwar gobe. A mota ana cusa su kwana ɗaya ko biyu suna shaƙar numfashin juna. Gabanin Babbar Sallah wannan zirga-zirga takan ninka, raguna suna ratsa ƙasashe, masu kiwon turke suna sayen na ƙiwatawa watanni kafin lokaci. Ga mashaya a rani, inda garken makiyayi mai wucewa da awakin gari ke haɗuwa a bakin rijiya ɗaya.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ba a cika son ambata ba. Idan ciwo ya shiga garke, abu na farko da mutane da yawa ke yi shi ne su kwashi waɗanda ba su nuna alama ba su kai kasuwa kafin su faɗi. Ta fuskar mai dabba wannan dabara ce ta rage asara, kuma wuya ne ka zarge shi idan babu wanda zai biya shi diyya. Ta fuskar cutar kuwa, an ɗauki dabbobin da ke daidai matakin da suka fi haɗari an raba wa gidaje goma. Akuyar da matar can ta saya, wataƙila daga irin wannan garke ta fito. Araha a kara, musamman idan mutum ɗaya ya kawo da yawa yana neman rabuwa da su da gaggawa, abin tsoro ne.

Abin da zai tsare gida daga wannan ba ya cin kuɗi: a ware sabuwar dabba kwana 21, da kwanonta daban, a inda hancinta ba zai kai na sauran ba. Na san a gidan da tsakar gida ɗaya ce wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma akuya ba ta san iyaka ba. Amma ko zaure ne ko bayan ɗaki, mako ukun nan sun fi duk abin da za a saya a shagon magani daga baya.

Lissafin da ke kayar da rigakafi

Ƙwayar tana da zuriya huɗu da masana suka bambance, amma ta fuskar garkuwar jiki duk abu ɗaya ne, allura ɗaya tana maganin dukkansu. Ana yin allurar a yankinmu: cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yi, haka ma ɗakin gwajin dabbobi na Garwa a Kamaru da na Bamako a Mali, kuma Tarayyar Afirka tana da cibiya a Bishoftu ta ƙasar Habasha da ke tantance ingancin abin da aka sarrafa. Mililita ɗaya ake yi a ƙarƙashin fata, ga dabbar da ta wuce wata uku. Ana jiran wata ukun ne saboda ɗan da ya sha dakashin uwa mai kariya yana ɗauke da kariyarta har wata uku zuwa huɗu, kuma wannan kariyar aro tana iya kashe allurar kafin ta yi aiki.

To ina matsalar? Ta farko tana cikin kwalbar. Allurar ƙwaya ce mai rai, an busar da ita ta zama gari, kuma raunin da ke kashe ƙwayar daji a rana shi ne ke kashe ta. Dole ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga ma'ajiya har ƙauye. Da zarar an zuba mata ruwan haɗi, wanda shi ma dole ya kasance mai sanyi, rayuwarta ta koma ta sa'o'i, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce a gama da ita cikin sa'a biyu tana kan ƙanƙara, a inuwa. Kwalbar kuma ta dabba 50 ce ko 100. Ka duba ma'aikacin da ya isa ƙauye a kan babur da tsakar rana a watan Afrilu, ƙanƙarar kularsa ta narke tun a hanya, ya haɗa kwalbar dabba ɗari, sannan ya fara bi gida-gida inda kowane gida awaki huɗu ne ko biyar, sai an yi sallama, sai an nemi izinin shiga, sai an kamo akuyar da ta haye katanga. Dabbobin ƙarshe ruwa kawai aka tsira musu. Ba wanda zai gane haka da ido, domin matacciyar allura da mai rai kamanninsu ɗaya. A takarda an rubuta ɗari.

An samar da nau'in da ke jure zafi, wanda garinsa ke iya yin kwanaki a zafin digiri 40 bai lalace ba, kuma wannan babban ci gaba ne ga wuraren da wutar lantarki ba ta kai ba. Sai dai juriyar ta garin ce. Bayan an haɗa da ruwa, agogon nan na sa'o'i yana nan yadda yake.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma, kuma lissafi ne kawai. Don cutar ta rasa hanyar wucewa, ana son aƙalla kashi 70 cikin ɗari na dabbobin yanki su kasance da kariya a lokaci ɗaya. A ɗauki ƙauye mai awaki da tumaki 1,000 don misali. A ce 150 ba su kai wata uku ba, saura 850. A ce ma'aikata sun yi ƙoƙari sun sami takwas cikin kowane goma, sauran suna daji, ko masu su sun ƙi, ko ba a sami kowa a gida ba: an yi wa 680. A ce tara cikin goma na alluran sun kama, wanda sakamako ne mai kyau: 612. Wato a ranar da aka gama aikin da kowa zai yaba, kariyar da allura ta bayar kashi 61 ce. Tsofaffin da suka taɓa warkewa da 'ya'yan da ke kan kariyar nono za su ɗan ɗaga adadin, wataƙila har ya taɓa 70.

Yanzu a bar ƙauyen shekara guda. Garken awaki ba ya zama yadda aka bar shi. Akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, tana yawan haifar tagwaye, ana sayarwa don kuɗin makaranta da na asibiti, ana yanka na suna da na layya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na garke kan sauya a shekara. Idan kashi 30 na masu kariyar nan 612 suka fita, saura 428, kuma sababbin haihuwa marasa kariya sun cike gurbinsu. An koma kashi 43. Shekara ta biyu ba a dawo ba, saura 300, kashi 30. A nan cutar za ta shigo ta sami abinci isasshe, kuma mutanen ƙauyen za su ce an yi allura ba ta yi amfani ba. Allurar ta yi aikinta a jikin waɗanda aka yi wa. Yawancinsu dai an riga an cinye su ko an sayar.

Wannan ne bambancin PPR da bushiya. An ayyana kawar da bushiya daga duniya a 2011, kuma nasarar ce ta ba da ƙwarin gwiwar taron Abidjan na 2015, inda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka tsayar da 2030 a matsayin shekarar gamawa da PPR. Amma saniya tana daɗewa, haihuwarta ɗaya-ɗaya ce, kuma tana da tsadar da mai ita zai kora ta tafiyar yini don a yi mata allura. Awaki sun fi yawa, sun fi saurin sauyawa, kuma kuɗin kai allurar ga kowace ɗaya, man babur da ƙanƙara da alawus, ya fi kuɗin allurar kanta.

Shi ya sa tsarin da aka amince da shi bai ce a yi ta yin allura kaɗan-kaɗan har abada ba. Ya ce a yi wa duk dabbar da ta wuce wata uku shekara biyu a jere, sannan a bi sababbin haihuwa kaɗai na shekara ɗaya ko biyu, a yanki guda mai faɗi, a lokaci guda. A ganina, a nan ne mafi yawan ƙoƙarinmu ke karkacewa. Jiha ta sayi allurar da ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na dabbobinta ba, a yi bikin ƙaddamarwa, a raba wa kowace ƙaramar hukuma kaɗan don kada a ce an yi son kai, shekara mai zuwa kuma babu kasafi. Gidajen da aka yi wa sun amfana, wannan gaskiya ne. Cutar kuwa ba ta ji komai ba. Da an zuba wannan adadin duka a yanki ɗaya da aka san cutar na fitowa daga cikinsa, aka rufe shi ruf shekara uku, da an ga bambanci. Kuma yankin cuta ba ya bin taswirar mulki: garken da ke rani a Katsina yana damina a Damagaram, don haka aikin da aka yi a gefe ɗaya na iyaka ba tare da ɗayan ba rabin aiki ne. Nijar tana cikin shirin tallafa wa makiyayan Sahel da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi tun 2015 tare da Mali, Chadi, Burkina Faso, Senegal da Muritaniya, kuma rigakafin PPR na cikin manyan ayyukansa. Nijeriya, wadda ita ce babbar kasuwar dabbobin yankin, ba ta cikin waɗannan shida.

Akwai wani gefen da masu tsara aiki kan manta. A ƙasar Hausa awakin gida galibi na mata ne. Sanarwar da aka yi a masallaci ko a fadar dagaci ta isa kunnen maza, kuma namiji zai fi tuna shanunsa. Idan ma'aikatan duka maza ne, gidajen kulle sun fita daga lissafi sai in maigida na nan. Inda aka horar da mata masu allura, ko aka bi ta ƙungiyoyin adashi da masu unguwa aka sa rana da wuri guda da yara za su kawo dabbobin da sassafe, matsala biyu ake warwarewa tare: ana samun dabbobin, kuma kwalbar tana ƙarewa kafin ta mutu.

Lokacin yin allurar ma yana da tasiri. Kariya ba ta samuwa ranar da aka tsira allura, jiki na buƙatar mako ɗaya zuwa uku. Saboda haka a yi ta kafin lokutan da cutar ta saba tashi, wato sanyin hunturu da farkon damina, kafin makiyaya su tashi, kuma makonni kafin kasuwar layya ta buɗe. Abin da aka fi yi shi ne akasin haka: sai cuta ta ɓarke a kira ma'aikata. Dabbar da ƙwayar ta riga ta shiga jikinta allura ba za ta cece ta ba, za ta mutu bayan kwana uku, mai ita ya ce allurar ce ta kashe ta, labarin kuma ya riga ma'aikatan isa ƙauye na gaba. Tara dabbobi wuri ɗaya a irin wannan lokaci, da hannun da ya buɗe bakin marar lafiya ya koma kan lafiyayya, suna iya ƙara yaɗa ciwon. Idan cuta ta riga ta shiga, garuruwan da ke kewaye ake fara yi wa, a bar gidajen da abin ya shafa a killace.

Sauran tambayar ita ce yadda za a san aikin ya yi. Yawan alluran da aka raba ba amsa ba ne. A wasu ƙasashen Sahel ana ɗan tsaga kunnen dabbar da aka yi wa, don a gane ta a zagaye na gaba, ko da yake wasu masu dabbobi ba sa so, musamman ga ragon da ake niyyar layya da shi, kuma wannan damuwa ce da ya kamata a zauna da malamai a warware ta tun kafin a fara. Hanyar da ta fi tabbaci ita ce a ɗebi jinin wasu dabbobi kafin allura, a dawo bayan mako uku zuwa wata biyu a sake ɗiba, a ga kashi nawa suka sami kariya. Idan ƙauyukan da tawaga ɗaya ta yi duk sun fito ƙasa, matsalar kularsu ce ko yadda suke haɗa kwalba, kuma ana iya gyarawa kafin zagaye na gaba. Gwajin yana da iyakarsa, domin da allurar da ake amfani da ita yanzu jini ba ya bambance dabbar da aka yi wa allura da wadda ta yi ciwon ta warke. Don haka idan ana son sanin ko cutar na yawo har yanzu, jinin matasan dabbobi ake dubawa, waɗanda suka wuce watannin kariyar nono kuma ba a taɓa yi musu allura ba. Idan aka sami alamar kariya a jininsu, ƙwayar daji ce ta ba su.